Yadda ake gyara sanarwar kuɗin jinkirin biya ta fito a matsayin ƙa'ida, ba horo ba

Shekarun baya na riƙe lissafin wata cibiyar darussan yamma, inda iyaye ke biyan kuɗin karatun 'ya'yansu wata-wata. Iyalai sittin ne a littafinmu, kuma a cikinsu bakwai ko takwas ne suka saba wuce ranar biya. Da abin ya kai wa shugabar wurin iya wuya, sai ta zauna cikin ɓacin rai ta rubuta takarda, aka buga, aka saka wa kowane yaro a jaka. Ga abin da takardar ta ce:

"GARGAƊI NA ƘARSHE! Hukumar cibiya ta lura da takaici cewa wasu iyaye sun mayar da ƙin biyan kuɗi a kan lokaci al'ada. Daga yau ba za mu ƙara lamuntar wannan sakaci ba. Duk wanda ya kasa biya za a ci shi tarar kashi 10 cikin 100 kowane mako, kuma hukuma tana da ikon ɗaukar duk matakin da ta ga dama. Babu uzuri. Kada wanda ya ce ba a faɗa masa ba."

Washegari wata uwa ta shigo ofis. Shekara uku 'ya'yanta biyu suna wurin, ba ta taɓa wuce rana ba. Ta fito da takardar a ninke huɗu, ta warware ta a kan teburina, ta dafa yatsa a kan kalmar "sakaci", ta ce, "Malam, ni ce mai sakacin?" Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, ba da ke ake ba." Ta ce, "To, da wa ake? A jakar ɗana na gan ta." Su kuwa waɗanda aka rubuta takardar domin su, babu wanda ya leƙo. Abin da muka samu a makon nan shi ne ɓata ran mutum hamsin da wani abu, an yi musu kuɗin goro da mutum bakwai.

Da wannan takardar zan nuna yadda ake gyaran, mataki bayan mataki. Lambobin da zan kawo ban haɗa su da sunan kuɗin kowace ƙasa ba, kowa ya ɗora nasa. Hanyar kuma ɗaya ce ko kuɗin haya ne, ko kuɗin ƙungiya, ko takardar neman biyan aikin da aka yi wa wani.

Kafin alƙalami, a duba lambar

Mutane da yawa suna fara gyara daga kalmomi, su cire "gargaɗi" su sa "tunatarwa", su bar sauran yadda yake. Wannan ba ya kai wa ko'ina. Idan kuɗin da ka ɗora ya wuce hankali, ko da zuma ka rubuta shi, mai karatu zai ji ɗacin. Saboda haka aikin farko lissafi ne.

Kuɗin wata a wurinmu 20,000 ne. Kashi 10 cikin 100 kowane mako yana nufin 2,000 a makon farko, 4,000 a na biyu, 8,000 idan wata ya cika. Wato wanda albashinsa ya makara da wata guda zai biya 28,000 a maimakon 20,000, kuma takardar ba ta faɗi inda abin zai tsaya ba. Na tambayi shugabar, idan wani ya ce ta nuna masa abin da jinkirinsa ya jawo mana har ya kai 8,000, me za ta nuna? Babu. Lambar ba daga lissafi ta fito ba, daga fushi ta fito, an zaɓe ta ne don ta yi zafi.

Sai muka zauna muka ƙirga abin da jinkirin mutum ɗaya yake ci mana a zahiri. Akwai saƙon tunatarwa sau biyu, akwai kiran waya sau biyu ko uku, akwai komawa littafi a sake daidaita lissafin watan da aka riga aka rufe, sannan a sake rubuta rasit. Duka-duka aikin kamar awa ɗaya da rabi ne na akawu, ga kuɗin waya da takarda. Da muka auna shi da albashin mai aikin, ya tashi kusan 900. Muka tsayar da 1,000, wato kashi 5 cikin 100 na kuɗin wata, sau ɗaya kan kowane watan da aka makara, ba ya ƙaruwa ko da an ƙara kwana. Kai ma ka yi irin wannan ƙirgar da takarda da biro, ka ajiye ta. Ranar da aka tambaye ka dalilin lambar, amsar tana aljihun tebur.

Wannan ba kirki kaɗai ba ne, a wurare da dama shari'a ma tana dubawa. Kotunan Birtaniya sun daɗe suna rarrabe kuɗin da aka sa don rufe asara da kuɗin da aka sa don tsoratarwa. A shari'ar kamfanin Dunlop ta 1914 aka kafa ma'aunin cewa lambar ta zama kiyasin gaskiya na asarar da za a yi, wanda aka yi tun kafin saɓawar ta faru. A 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta faɗaɗa ma'aunin a shari'ar wani direba mai suna Beavis, wanda ya wuce awa biyu na ajiye mota kyauta da kusan awa guda, kamfanin ParkingEye ya caje shi fam 85. Kotun ta ce kuɗin ya tsaya, domin kamfanin yana da halastacciyar buƙatar da yake karewa, lambar ba ta wuce gona da iri ba, kuma an rubuta ta ɓaro-ɓaro a allunan wurin, duk mai shiga yana gani. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu wuraren ma sun ƙayyade iyakar abin da za a ɗora, musamman a kan haya da bashin masu sayayya, don haka ka duba ta inda kake kafin ka buga takarda. Amma abubuwan nan uku, dalili na gaskiya, lamba mai ma'ana da sanarwa tun da wuri, su ne dai mai karatu yake nema ko bai taɓa shiga kotu ba.

Akwai wani dalilin da ya sa na fi son lamba tsayayya a kan kason da ke hauhawa. Kuɗin da ke ƙaruwa da ƙaruwar kwanaki kamannin ruwan bashi gare shi, kuma akwai masu biya da addininsu ya hana su mu'amala da ruwa. Shi ya sa bankunan Musulunci da yawa ba sa haɗa kuɗin jinkiri da ribarsu, sadaka suke bayarwa da shi. Idan a cikin masu biyanka akwai waɗanda wannan ya shafa, ka nemi bayanin masana kafin ka tsayar da tsari, kuma ka rubuta a takardar inda kuɗin yake tafiya.

Sai a koma kan kalmomi

Ka ɗauki tsohuwar takardar da jan biro, ka ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da take magana a kan halin mutum maimakon abin da ya faru. A tamu, "ƙin biya" yana cewa da gangan aka yi. "Sakaci" hukunci ne a kan tarbiyyar mutum. "Al'ada" tana cewa haka suke. "Takaici" da "lamunta" labarin zuciyar mai rubutu ne, ba su ƙara wa mai karatu sanin komai ba. "Ya kasa biya" kuma yana taɓa mutunci, domin ba wanda yake son a kira shi wanda ya kasa. Ba ka san dalilin jinkirin kowa ba. Wani rashin lafiya ce, wani albashi ne bai shigo ba, wani mantuwa ce kawai, wani kuma, gaskiya ne, rainin hankali ne. Takarda ɗaya ce za ta je wa dukansu, don haka ta tsaya a kan abin da littafi zai iya shaida: kuɗi ya shigo ranar kaza, ko bai shigo ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sauya wanda jimlar take magana a kansa. "Duk wanda ya kasa biya za a ci shi tara" jimla ce da ta kama mutum ta tsayar da shi a gaban alƙali. "Kuɗin da ya shigo bayan ranar 12 ga wata yana da ƙarin 1,000" jimla ce a kan kuɗi da rana. Lambar tana nan, sharaɗin yana nan, amma babu wanda aka nuna da yatsa.

Kalmar "tara" ita ma a cire ta. Tara abu ne da hukuma ke ci bayan an sami mutum da laifi, kuma wanda ya karanta ta haka zai ji. Ka ce "kuɗin jinkiri". Sai dai kada ka zarce ka ɓoye abin a bayan suna mai daɗi, irin su "gudummawar gudanarwa" ko "kuɗin hidima". Mutane suna ganewa, kuma da zarar sun gane sai su fara zargin sauran takardar. A kira abu da sunansa, ba zagi ba ɓoye-ɓoye.

Daga nan sai jimlar da ta fi kowacce illa, ko da yake ba ta da zagi a ciki: "hukuma tana da ikon ɗaukar duk matakin da ta ga dama." Bambancin ƙa'ida da horo yana nan wurin. Ƙa'ida tana ɗaure mai ita kamar yadda take ɗaure wanda aka yi wa ita. Mai karatu zai iya zama a gida ya lissafa abin da zai same shi ba tare da ya dubi fuskar kowa ba. Amma idan sakamakon ya rataya a kan "ganin dama", to, mutum ya san cewa makomarsa tana hannun yanayin da ya tarar da kai ranar. Duk matakin da kake nufin ɗauka, ka rubuta shi da ranarsa. Wanda ba ka shirya ɗauka ba, kada ka ambace shi. Mu mun rubuta cewa idan wata biyu suka taru ba biya kuma ba magana, za mu zauna da iyaye kafin wata na uku ya kama, kuma ba za a mayar da yaro gida daga aji ko a yi masa maganar kuɗi ba. Wannan jimla ta ƙarshe ta kwantar da hankalin iyaye fiye da komai a takardar, domin abin da suke tsoro ke nan tun farko.

Manyan haruffa, alamar motsin rai da jan tawada, duk a sauke su. Taken takardar ya zama sunan abin kawai.

Dalilin, cikin jimla ɗaya

Tsohuwar takarda ba ta faɗi abin da ya sa jinkiri yake da illa ba. Wasu suna ganin faɗin dalili kamar roƙo ne ko rage wa kai daraja. Ni ina ganin shi ne ƙashin bayan takardar, kuma akwai binciken da ya sa na ƙara riƙe wannan ra'ayi.

Masana tattalin arziki biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, sun bibiyi gidajen renon yara goma a birnin Haifa na tsawon mako 20, suka wallafa sakamakon a 2000. A shida daga cikin gidajen an sa wa iyaye tarar shekel 10 idan suka makara da minti goma ko fiye wajen ɗaukar yaro. Maimakon makara ta ragu, sai ta ƙaru har ta kusa ninkawa. Da aka janye tarar kuma, ba ta koma yadda take a da ba. Fassarar da aka fi yi wa wannan ita ce, da can iyaye suna jin nauyin tsayar da mai reno bayan lokacin tashinta, da aka sa kuɗi sai nauyin ya tafi, abin ya zama ciniki: na biya, na sayi lokacin.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, lamba ita kaɗai tana iya zama farashin jinkiri. Takarda mai zafi tana sa mutum ya ji an ci masa fuska, takarda mai lamba zalla tana sa ya ji ya sayi izini. Abin da ke tsakaninsu shi ne a tuna masa da mutanen da ranar biya ta shafa. A wurinmu gaskiyar magana ita ce ana biyan malamai ranar 15 ga wata daga kuɗin da iyaye suka kawo. Haka muka rubuta, jimla ɗaya, ba ƙari. Ka nemo naka dalilin na gaskiya, wanda yake da rana da mutum a ciki. Kada ka rubuta "domin inganta ayyukanmu", wannan ba ya nufin komai. Kada kuma ka mayar da shi kuka na sakin layi uku, domin daga nan ya zama ɗora wa mutane laifi ta bayan gida.

Ƙofar fita

"Babu uzuri" ƙarya ce tun ranar da aka rubuta ta, domin duk mai karɓar kuɗi ya san zai yafe wa wani. Matsalar ita ce idan ba a rubuta hanyar yafiya ba, masu baki da masu sanayya ne za su same ta, mai kunya kuma ya biya ya tafi da ciwon a ransa. In labari ya fita cewa an yafe wa wane an caji wance, takardarka ta mutu, kome kyawun kalmominta.

Don haka sassaucin ma a mayar da shi ƙa'ida. Mun sa abu uku. Na farko kwana bakwai na sarari: ranar biya 5 ga wata, kuɗin jinkiri ba ya hawa sai bayan 12. Na biyu, jinkirin farko a cikin shekara ba a cajinsa, ga kowa, ba sai an roƙa ba. Na uku, wanda ya san zai makara ya sanar kafin ranar 12, a tsayar da sabuwar rana a rubuce, in ya cika ta babu ƙari. Na ukun nan shi ne ya fi yi mana amfani, domin abin da ya fi damun mai lissafi ba jinkirin ba ne, rashin sanin yaushe kuɗin zai zo ne. Mutumin da ya ce "ranar 20 zan kawo" ya ba ka abin da za ka tsara aikinka a kai.

Ka ambaci wanda za a tuntuɓa da muƙaminsa da lokacin da ake samunsa, ka kuma ce maganar za ta tsaya tsakaninku. Kada ka nemi mutum ya kawo hujjar halin da yake ciki kafin ka saurare shi.

Ƙananan wuraren da rigima ke tashi

Akwai tambayoyin da ba a tunawa da su sai ranar da aka tsaya ana musu a bakin tebur. Wace rana ce ranar biya, ranar da mutum ya tura kuɗin ko ranar da ya sauka a asusu? Mu mun zaɓi ranar da ke kan shaidar turawa, domin jinkirin banki ba laifin mai biya ba ne. Idan 12 ga wata ta faɗo ranar da ba a aiki fa? Sai ranar aiki ta gaba. Jimla ɗaya-ɗaya ta wadatar wa kowacce.

Wadda ta fi su haɗari ita ce yadda ake raba kuɗin da ya shigo. A ce uba ya makara a watan Oktoba, 1,000 ya hau kansa, bai biya shi ba. Ranar 3 ga Nuwamba ya kawo 20,000 cif, a kan lokaci. Idan akawu ya fara cire 1,000 na Oktoba daga ciki, kuɗin Nuwamba ya zama 19,000, littafi ya nuna bai cika ba, ranar 13 wani 1,000 ya sake hawa. Haka za a yi ta yi wata bayan wata, mutum yana biya a kan lokaci ana cajinsa jinkiri, alhali sau ɗaya ya makara. A Amurka hukumar tarayya mai kula da harkokin ciniki ta haramta wannan salon a bashin masu sayayya tun 1985. Ka rubuta a takardarka cewa kuɗin da ya shigo yana fara biyan kuɗin wata ne, kuɗin jinkiri kuma yana zaune daban, ba ya haifar da wani. In kana amfani da manhajar lissafi, ka gwada ta da wannan misalin, domin wasu suna fara cire tsohon bashi da kansu ba tare da an umarce su ba.

Sai ranar farawa. "Daga yau" ba adalci ba ne. Mutane sun shigo a kan wani sharaɗi, ba a sauya musu shi da rana tsaka. Ka ba da aƙalla zagayen biya guda cikakke, kuma kada sabon tsari ya koma baya ya hau kan tsohon bashi. Idan akwai yarjejeniyar da aka sa wa hannu wadda ba ta ambaci kuɗin jinkiri ba, sanarwa kaɗai ba lallai ta isa ba, sai an sabunta yarjejeniyar kowa ya sa hannu.

Ga yadda tamu ta fito bayan gyara:

"Tsarin biyan kuɗin wata, daga watan Satumba

Iyayenmu masu daraja, muna gode muku da yadda akasarinku kuke biya a kan lokaci. Muna biyan malamai ranar 15 ga kowane wata daga kuɗin da kuka kawo, shi ya sa muka rubuta wannan tsari domin kowa ya san shi tun da wuri.

Ranar biya ita ce 5 ga wata, kuma akwai sarari har zuwa 12. Kuɗin da ya shigo bayan 12 ga wata yana da ƙarin 1,000, sau ɗaya, ba ya ƙaruwa. Wannan shi ne kimanin abin da bibiya da sake lissafi suke ci. Ranar da ke kan shaidar tura kuɗi ita muke ɗauka, idan kuma 12 ta faɗo ranar hutu, sai ranar aiki ta gaba.

Jinkirin farko a shekara ba a cajinsa. Idan kun ga za ku makara, ku sanar da akawu kafin ranar 12, da baki ko ta saƙo, ranakun aiki daga ƙarfe 3 zuwa 6 na yamma. Za mu tsayar da wata rana tare, kuma idan an cika ta babu ƙari. Maganar tsakaninmu za ta tsaya.

Duk kuɗin da ya shigo yana fara biyan kuɗin wata ne, kuɗin jinkiri ba ya jawo wani. Idan wata biyu suka taru ba mu ji daga gare ku ba, za mu nemi zama da ku kafin wata na uku. Ba za a mayar da yaro gida daga aji ba, ba kuma za a yi masa maganar kuɗi ba.

Tsarin ya shafi kowa daidai, kuma bai shafi watannin da suka wuce ba."

Ka lura da jerin. Dalili ya zo kafin lamba, lamba ta zo kafin sassauci, kuma ba a tura lambar can ƙasa cikin ƙananan haruffa ba. Godiyar da ke farko ma ba ado ba ce. Gaskiya ce, kuma tana sanar da mai jinkiri, ba tare da an ce masa uffan ba, cewa yawancin mutane ba haka suke yi ba. Sai dai kada ka rubuta ta idan ba haka littafinka ya nuna ba. Babu kuma ban haƙuri a ciki. Wasu in sun gudu daga zafi sai su faɗa cikin "muna matuƙar baƙin cikin sanar da ku" da "ba da son ranmu ba", har takardar ta zama kamar mai ita bai yarda da abin da ya rubuta ba. Mai karatu yana jin wannan raunin, sai ya ɗauka ƙa'idar ta ciniki ce.

Saƙon da ake tura wa mutum ɗaya

Sanarwa ta kowa ce, amma ranar da aka caji wani, saƙon da zai samu shi ne ainihin jarrabawar. A nan ne tsohon fushi yake dawowa. Ka tura tunatarwa tun kafin ƙarin ya hau, kamar ranar 9: "Barka da yamma. Kuɗin Oktoba, 20,000, bai shigo ba tukuna. Akwai sarari har ranar 12. Idan kun riga kun tura, ku aiko mana da shaida mu gyara littafi." Jimlar ƙarshe tana da muhimmanci, domin wani lokaci kuskuren naka ne, kuma ta bar wa kowa hanyar fita da mutuncinsa.

Idan ranar ta wuce, saƙon ya zama lissafi zalla: kuɗin wata 20,000, kuɗin jinkiri 1,000 bisa tsarin Satumba, jimla 21,000, ga yadda ake biya, ga wanda za a yi wa magana. Babu "kamar yadda muka sha faɗa muku", babu "abin takaici". A tura wa mai biya kai tsaye. Ba a liƙa sunaye a allo, ba a saka su a zauren da kowa ke gani, ba a ba yaro ya kai.

Gwaji kafin bugawa, da bayanta

Kada ka tura takardar ranar da ka rubuta ta, bari ta kwana. Da safe ka karanta ta da ƙarfi kamar mutumin da ka fi girmamawa cikin masu biyanka yana zaune a gabanka. Duk jimlar da bakinka ya yi nauyin faɗa masa, a cire ta ko a sake ta. Daga nan ka ba wanda bai san komai a kan maganar ba ya karanta sau ɗaya, ka karɓe takardar, ka tambaye shi: yaushe ake biya, nawa ne ƙarin, me ya sa aka sa shi, me zai yi idan ya ga ba zai iya biya a kan lokaci ba? Inda ya yi tuntuɓe, nan takardar take da rami. Ni Hajiyar nan na kai wa tamu kafin a buga. Ta karanta a tsaye, ta nuna mini cewa ba mu faɗi lokacin da ake samun akawu ba, muka ƙara.

Bayan wata biyu ko uku, littafi zai gaya maka sauran. Idan mutane sun fara kira kafin ranar 12 suna neman a tsayar musu da rana, takardar tana aiki, ko da yawan masu makara bai ragu sosai ba. Idan ana yawan zuwa musu a kan rana ko lamba, akwai jimlar da ba ta fito ba. Idan mutum uku ko huɗu ne kullum suke biyan 21,000 cikin natsuwa kowane wata, ƙarin ya zama musu farashi, kuma maganinsu ba ƙara lamba ba ne, zama ne da kowannensu. A cikin namu bakwai, huɗu ashe albashinsu ba ya shigowa sai tsakiyar wata. Muka mayar musu da ranar biya 18, muka rubuta a fayil ɗin kowannensu, muka kuma ƙara layi ɗaya a takardar shekara ta gaba cewa duk wanda ranar 5 ba ta dace da shigowar kuɗinsa ba zai iya neman a sauya masa rana tun lokacin rajista.